Kayan Suna Hannun Wani, Alhakin Yana Wuyanka: Yadda Cinikin Dirof-shifin Yake Gudana

Duk wanda ke leƙa WhatsApp ko Instagram ya saba ganin hotunan jakunkuna, takalma, abayoyi da agoguna, an jera su da farashi, a ƙasa an rubuta cewa a turo kuɗi a kai wa mutum har gida. Da yawa daga cikin masu tallan nan ba su da shago, ba su da sito, kuma kayan da suke nunawa ba su taɓa riƙe su da hannu ba. Hoto kawai ke wurinsu. Sai mai saye ya biya, sannan su tura odar ga wani dila a Legas ko a ƙasar Sin, shi kuma ya aika kayan kai tsaye zuwa ga mai saye. Wannan tsari shi ake kira dirof-shifin.

Abin da ke jan matasa da matan aure zuwa gare shi a fili yake. Ba a buƙatar jarin sarin kaya, ba kuɗin hayar shago, kuma ba fargabar kaya su kwanta. Amma wannan sauƙin yana da farashinsa. Wanda bai ajiye kaya ba, ba shi da iko a kan ranar da za su tashi, ba shi da iko a kan abin da za a saka cikin kwali. Duk da haka shi ya karɓi kuɗi, shi ya yi alkawari, kuma lambarsa za a kira idan abu ya ɓaci.

Mutum uku, kaya ɗaya

A kowane ciniki irin wannan akwai mutum uku: mai saye, mai talla, da dilan da kayan ke hannunsa. Mai saye ya san mai talla kaɗai. Dila ma mai talla ya sani, domin a wurinsa shi ne ya yi odar. Tsakanin mai saye da dila babu wata yarjejeniya, sau da yawa ma ba su san sunan juna ba. Kuɗi kan bi ta hannun mai talla, kaya kuma su tsallake shi.

Nan ne bambancinsa da dillancin da muka gada. Dillalin kasuwa yana haɗa mai kaya da mai saye, kowa ya san cewa kayan ba nasa ba ne, ya karɓi la'adarsa ya tafi. Mai dirof-shifin kuwa yakan fito ne a matsayin mai kaya. Shi ke yanka farashi, ribarsa ita ce ratar da ke tsakanin abin da ya karɓa da abin da ya biya dila. Tunda shi ya sayar, shi ne za a tuhuma.

A ƙasar nan ana yin sa ta hanya biyu. Ta farko ta cikin gida ce: dila yana Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano, ko Balogun da Alaba a Legas, yana da zaure a WhatsApp inda yake zuba hotuna da farashin sari kowace safiya. Masu talla su kwashi hotunan, su ɗora ribarsu, su yaɗa. Idan an saya, dila ya kai kayan tasha ya ba direba, ko ya ba kamfanin aike. Ta biyu ta ƙetare ce: kayan suna Guangzhou ko Yiwu, ana yin oda ta AliExpress, wanda kamfanin Alibaba ya buɗe a 2010, ko ta 1688, dandalin sari na cikin ƙasar Sin wanda yawanci sai an bi ta hannun ejan. A Turai da Amurka masu wannan sana'a kan buɗe shago a Shopify su haɗa shi da manhajar da ke tura oda ga dila da kanta. A nan galibi da hannu ake yi, daga waya zuwa waya.

"Akwai shi" ba ya nufin akwai shi

Matsala ta farko tana fitowa tun kafin a yi maganar jigila. Hoton da ke wayar mai talla yana nuna abin da dila ya mallaka ne a ranar da ya turo hoton. Wannan dilan yana da masu talla hamsin ko ɗari, dukansu suna tallan jaka iri ɗaya, kuma mai yiwuwa guda ashirin ce gaba ɗaya a sitonsa. Kafin Hajiya ta gama shawara ta turo kuɗi bayan kwana uku, launin da take so ya ƙare.

A nan ne ake gane dila na ƙwarai. Mai gaskiya zai ce ya ƙare. Wani kuwa ba zai so kuɗi su wuce shi ba, sai ya saka wani launi ko wata lamba da ta yi kusa, ya aika, yana fatan mai saye zai haƙura. Wani kuma shi ma ba shi da kayan, dirof-shifin yake yi daga wurin wani, ta yadda oda ɗaya za ta ratsa hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora ribarsa kuma ya ƙara kwanakinsa. Alamar irin wannan dila ita ce, idan ka ce ya ɗauko maka bidiyon kayan yanzu, ya juya su ciki da waje, sai ya fara kame-kame ko ya sake turo hoton da ka riga ka gani.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce kada a karɓi kuɗin mutum sai an tabbatar daga dila, a wannan ranar, cewa kayan suna nan da launin da girman da ake so. Saƙo ɗaya ne, amma yana kawar da rigingimu masu yawa.

Manyan kamfanoni ma sun ci karo da wannan. Zappos, kamfanin sayar da takalma ta intanet a Amurka da aka kafa a 1999, ya fara ne da tura oda ga masu kaya su aika da kansu. A 2003 ya daina, duk da cewa tsarin yana kawo masa kaso mai tsoka na cinikinsa. Dalilinsa shi ne ba ya iya sanin haƙiƙanin abin da ke sitocin wasu, kuma ba ya iya cika alkawarin lokaci da kayan da ba sa hannunsa.

Inda kwanaki ke salwanta

Mai talla yakan ce "mako biyu" domin haka ya gani a shafin dila. Amma tafiyar kaya daga Guangzhou zuwa wani gida a Kano zango-zango ce, kuma kowane zango yana da nasa jinkirin.

Zango na farko shi ne shiri. Daga biyan kuɗi zuwa lokacin da dila zai ɗaure kayan ya miƙa su, ana iya cin kwana biyu zuwa mako guda. Yawancin alkawuran da ake gani a shafi ba su lissafa waɗannan kwanaki ba. Zango na biyu shi ne sito na kamfanin jigila, inda ake tara ƙananan ƙunshi har su kai nauyin da za a loda wa jirgi. Na uku shi ne tafiyar kanta, wadda a jirgin sama ba ta da tsawo, amma a jirgin ruwa takan haura wata guda kafin a iso Apapa ko Tin Can. Na huɗu shi ne kwastan, wanda babu mai talla da zai iya faɗin ranar da za su saki kaya. Na biyar shi ne daga Legas zuwa Arewa. Na ƙarshe kuma shi ne nemo gidan mai saye, a unguwannin da adireshinsu kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, layi na uku, gida mai jan ƙyaure. Idan an tura ta gidan waya, ƙunshi na iya zama a ofis kwana da kwanaki ba wanda ya kira mai shi. Idan aka haɗa duka, mako uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne ga jigila mai araha.

Irin kayan ma yana sauya lissafi. Duk abin da ke da batirin litiyam, kamar fanka mai caji ko fawa-banki, da kayan ruwa irin su turare da man shafawa, ba kowane jirgi ke ɗaukarsu ba. Suna da hanyarsu daban, mai tsada da jinkiri. Kayan da ba su da nauyi amma suna cin wuri, kamar filo ko akwati, da girman kwalinsu ake auna kuɗin jigilarsu, don haka kuɗin kan zarce abin da aka zata.

Sai kalanda. Lokacin bikin sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da kasuwanni kan rufe, ma'aikata su koma garuruwansu, kuma aiki ba ya daidaita sai bayan makonni. Akwai kuma hutun mako guda a farkon Oktoba, da cunkoson da ke biyo bayan rangwamen ranar 11 ga Nuwamba. A shekarar 2026 bikin ya faɗo ranar 17 ga Fabrairu, daidai makon da aka ɗauki azumi. Ke nan duk mai tallan da ya jira shigowar azumi kafin ya fara karɓar odar kayan Sallah daga Sin ya tarar da dilolinsa suna hutu. Takalmin Sallah da ya iso bayan Sallah kuwa, ko ya yi kyau, ya rasa rabin darajarsa a idon wanda ya saya.

Lambar bibiyar kaya tana taimakawa, amma sai an iya karanta ta. Samun lamba ba ya nufin kaya sun tashi. Dila na iya buga takardar aike ya samu lamba alhali kayan ba su bar shago ba. Idan aka saka lambar a shafi irin 17TRACK aka ga kwana biyar ko shida babu wani motsi bayan rajistar farko, a tuntuɓi dila nan take, domin sau da yawa hakan na nufin kayan babu su, yana nema ne.

Na cikin gida ya fi sauri nesa ba kusa ba. Daga Legas zuwa Kano kwana biyu zuwa biyar ne idan komai ya tafi daidai. Nasa matsalolin su ne motar da ba ta cika ba, lalacewa a hanya, da kayan da aka ba direba babu rasit, waɗanda idan sun ɓace babu wanda za a riƙe.

Abin da aka gani da abin da ya iso

Hoton talla an ɗauke shi ne da hasken ɗakin hoto, an gyara launinsa, wani lokaci ma hoton kayan asali ne na wani kamfani, abin da za a aiko kuma kwaikwayo ne. Masana'antu da yawa suna yin samfuri ɗaya a matakai daban-daban na inganci, kuma dukansu hoto ɗaya suke amfani da shi. Idan ka ga jaka ɗaya a wurin diloli uku, farashin na ukun rabin na farko, mafi yawan lokuta ba rangwame ba ne. Fatar ta fi siriri, zif ɗin na roba ne, shafin ciki kuma ba zai yi wata biyu ba.

Akwai kurakuran da ke maimaita kansu. Lambar tufafi da takalma ta Asiya ta fi wadda muka saba ƙanƙanta, don haka a nemi awo da santimita, kada a dogara da harafin da ke jikin riga. Kalmar PU a bayanin jaka ko takalmi tana nufin fatar roba ce, wadda kan ɓare idan ta sha zafi. Kayan lantarki da aka yi wa kasuwar Amurka suna aiki da wuta 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce, idan aka jona su kai tsaye za su ƙone. Fawa-banki da katin ajiya kuma sun yi ƙaurin suna wajen ɗaukar lambar da ta fi ƙarfinsu na gaskiya. Kayan shafe-shafe, magunguna da abubuwan ci suna da ƙarin haɗari, domin suna ƙarƙashin kulawar NAFDAC, kuma wanda ya sayar da abin da ya ƙone fatar wata ba zai kuɓuta da cewa shi ma bai gani ba.

Maganin mafi yawan wannan shi ne samfuri. Kafin a tallata abu, a sayi guda ɗaya da kuɗin aljihu, ta hanyar jigilar da za a yi wa kwastomomi amfani da ita. Da wannan saye ɗaya za a san haƙiƙanin kwanakin tafiya, a ga yadda ake ɗaure kayan, a taɓa su, a gwada su, sannan a ɗauki hoto da bidiyo na gaskiya a hasken rana. A duba kuma ra'ayoyin waɗanda suka saya a shafin dila, musamman masu hoto da masu ƙorafi, domin su ne ke nuna inda kayan ke gazawa. Samfuri ɗaya ba lamuni ne na har abada ba, tunda dila na iya sauya masana'anta ba tare da ya faɗa ba. Idan ƙorafi ya fara zuwa kan abin da a da ake yabo, lokacin sake sayen samfuri ya yi.

Mu yi lissafi da jaka goma

A ƙaddara wata mai talla a Kano tana sayar da jakar hannu a kan naira 30,000. Dila a Guangzhou yana ba ta a 14,000. Jigila zuwa Najeriya 6,000, kaiwa ga mai saye a cikin gida 2,500, talla da data da cajin banki kuma 2,000 a kan kowace jaka. Jimlar kashewa 24,500 ke nan, ribarta 5,500. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, amma tsarinsu shi ne abin lura.

Ta samu oda goma. A takarda ribarta 55,000 ce. Sai jaka ɗaya ta iso da tsinkakken hannu, mai ita ta ce a maido mata kuɗinta. Mayar da jakar zuwa Sin ya kusa kai kuɗin jakar ko ya fi, don haka ba zai yiwu ba. Ta biya 30,000 daga aljihunta, riba ta koma 25,000. Idan ta biyu ta iso bayan bikin da aka saya dominsa, mai ita ma ta ƙi karɓa, wata 30,000 ta fita. Yanzu ta yi aikin wata guda, ta kuma yi asarar 5,000, sai dai abin da za ta iya samu idan ta karyar da jakar da ta rage. Oda biyu cikin goma sun cinye ribar takwas.

Akwai kuma canjin kuɗi. Tana karɓar naira, tana biyan dila da dala ko yuwan. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, masu wannan sana'a sun ga yadda farashin da aka yanka ranar Litinin zai iya zama asara ranar Juma'a. Shi ya sa ya kamata a biya dila a ranar da aka karɓi kuɗin mai saye, kuma a ware wani kaso daga kowace riba a matsayin asusun mayar da kuɗi. Wanda ribarsa ba za ta iya ɗaukar asarar oda ɗaya cikin goma ba, farashinsa bai yi daidai ba, ko kuma kayan ba su dace da wannan tsari ba.

Dandali irin AliExpress yana ba da damar shigar da ƙorafi a kan dila, amma cikin wa'adi, kuma da hujja. Saboda haka yana da kyau a roƙi kowane mai saye ya ɗauki bidiyo lokacin da yake buɗe ƙunshin, tun daga takardar da ke manne a jiki. Wanda ya biya dila ta bayan fage don a rage masa farashi kuwa ya bar wannan kariya gaba ɗaya.

Doka da addini

Rubuta "ba a dawo da kaya" a ƙasan hoto ba ya wanke mai talla. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Wanda mai saye zai nema shi ne wanda ya karɓi kuɗinsa.

Ta fuskar addini ma akwai magana. Sanannen hadisin Hakim ɗan Hizam ya hana mutum sayar da abin da bai mallaka ba, kuma malamai na wannan zamani sun tattauna dirof-shifin a ƙarƙashinsa. Mafitar da aka fi ambata biyu ce. Ɗaya ita ce wakilci: mai talla ya zama wakilin dila da izininsa, ko wakilin mai saye a kan lada sananne. Ɗayar ita ce cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko a kan kaya masu siffa bayyananniya da lokacin miƙawa sananne, nauyin cikawa kuma yana kan mai sayarwa. Akwai saɓani a kan wasu sharuɗɗa, don haka mai son shiga ya zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki ya bayyana masa yadda tsarinsa yake. Abin lura shi ne, sharuɗɗan da malamai ke nanatawa, wato bayyana siffa, bayyana lokaci da ɗaukar alhaki, su ne dai abubuwan da ke hana rigima da kwastoma.

Yadda masu ɗorewa ke yi

Waɗanda suka daɗe a harkar sukan yi amfani da dirof-shifin ne don gwajin kasuwa. Sukan tallata kaya iri biyar ko shida, su ga wanda ke tafiya kuma ba ya jawo ƙorafi, sannan su sari dozin ɗaya ko biyu su ajiye a gida. Daga nan suna iya duba kowane guda kafin ya fita, su kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu, su kuma musanya wanda ya samu matsala nan take. Waɗanda ke ci gaba da sayowa daga Sin kuma sukan samu ejan a can da zai karɓi kayan, ya buɗe, ya turo hoto kafin a loda. Kuɗin wannan dubawa kaɗan ne idan aka kwatanta da mayar da kuɗin oda guda.

Ga mai talla, abin da ya rage a hannunsa shi ne gaskiya a kan lokaci. Idan samfuri ya ɗauki kwana ashirin da biyar, a ce wa mai saye mako huɗu zuwa biyar, a kuma faɗa masa cewa daga waje kayan za su zo. Wasu za su fasa, kuma gara su fasa tun kafin su biya. Idan jinkiri ya faru, mai talla ya riga kira, ya ba da zaɓi tsakanin jira da karɓar kuɗi.

Mai saye shi ma yana da tambayoyi uku da ya kamata ya yi kafin ya tura ko sisi: Kayan suna hannunka yanzu, ko sai ka yi oda? Wace rana za su iso? Idan suka zo ba yadda na gani ba, wa zai biya? A nemi amsar a rubuce, a kuma adana ta tare da shaidar biyan kuɗi. Mai tallan da ya amsa su dalla-dalla ya san sana'arsa. Wanda ya ce "kada ka damu" ya tsaya nan, a bar kuɗin a aljihu tukuna.